Mai Ajiye Hotunan Ɗinkina

Shekarar da na bar aikin ofis na buɗe shagon ɗinki a Nukkai, nan Jalingo, ƙanwata ce ta matsa mini lamba sai na buɗe shafi a manhajar nan ta ɗora hotuna. Ta ce yanzu ba a neman tela da ƙafa, da yatsa ake nemansa. Ita ta zauna ta haɗa mini komai, ta mayar da shafin na kasuwanci, ta nuna mini inda zan danna a ƙasan kowane hoto in ga yadda ya karɓu. Akwai yawan waɗanda suka danna zuciya, da yawan waɗanda suka yi magana, da waɗanda suka tura wa wasu. Can gefe kuma akwai wata 'yar alama kamar guntun ƙyalle da aka yanke bakinsa, ita ma da lambarta. Ta ce wannan ta masu ajiyewa ce: mutum ya ga hoto ya burge shi, sai ya danna ta, hoton ya shiga wani wuri a shafinsa da zai riƙa komawa yana kallo. Na ce to, ban ma saurara da kyau ba, hankalina yana kan zuciyoyin.

Zuciya ɗaya nake jira, gaskiyar magana ke nan, kuma na san ba za ta zo ba. Ni ce 'yar fari a ɗakinmu. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Dada, Bafulatana ce ta ainihi, kuma a wurinsu uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yaba shi, ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane. Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata a garin Sunkani, can na girma har na isa shiga sakandare. Da na dawo gidanmu a unguwar Turaki, cikin Jalingo, sunana a bakin Dada shi ne “ke”, idan kuma ba na wurin, “waccan”. Na san al'ada ce, an gaya mini tun ina ƙarama, kuma ba ni kaɗai aka yi wa ba. Amma sanin bai taɓa hana ni jin zafi ba. Ranar da na gaya mata zan bar aikin gwamnati in kama keken ɗinki, ko ɗago kai ba ta yi daga tsintar shinkafar da take yi ba. Ta ce Allah ya sa a dace, ta ci gaba da aikinta. Na fita ban san ko ta yarda ko ta ƙi ba.

Ita ma Dada tana da shafi a manhajar. Tsohuwar malamar firamare ce, karatu ba ya ba ta wahala, kuma tun da ƙanwata ta saya mata babbar waya take neman ta fi mu iya ta. Idan ƙanwata ta ɗora hoton abincin da ta dafa, zuciyar Dada ce ta farko, har da addu'a a ƙasa. Ƙanenmu da ke bautar ƙasa ya ɗora hotonsa da kaki, ta rubuta masa layi uku. Ni kuwa ko bin shafina ba ta yi ba. Nakan duba jerin masu bi na daga sama har ƙasa kamar mai neman allura a cikin tarkacen yadi, in rufe wayar in ce ai dama na sani.

A haka na fara lura da lambar nan ta gefe. Ɗinki ba kamar sauran sana'o'i ba ne a wannan manhaja. Mace za ta ga riga ta yi mata kyau, ba za ta danna zuciya ba, ba za ta ce sannu ba, sai ta ajiye hoton ta kai wa telanta ya kwaikwaya. Akwai wata doguwar riga ruwan ganye da na yi, mai ninki a kafaɗa, wadda ta ci mini dogon tunani kafin hannun ya zauna yadda nake so. Masu ajiye ta sun ninka masu yabonta. Ba a jima ba na je wani biki a Turaki na tarar da ƙanwar rigata a jikin wata, an ɗinka ta a karkace, ninkin ya zame kamar ana jan sa. Na gaishe ta da fara'ar dole.

Wannan na iya haɗiyewa, kasuwa ce. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, akwai wani mutum ɗaya da ba ya barin komai. Ko me na ɗora, ko ya yi kyau ko bai yi ba, kafin yamma lambar ta nuna ɗaya. Kayan makaranta na ɗora, an ajiye. Labulen da na yi wa baki, an ajiye. Wata rana ina gwada kyamarar sabuwar waya na ɗauki hannuna riƙe da almakashi a kan tebur, ba yadi ba komai, ban san yadda aka yi ba na ɗora shi tare da rubutun da na shirya wa wani hoton. Ban farga ba sai washegari. Ba wanda ya danna masa zuciya, ba wanda ya ce uffan, amma an ajiye shi.

Na kira ƙanwata na ce ta nuna mini inda ake ganin sunan mai ajiyewa. Ta ce babu. Na ce ba za a rasa ba, tunda ana nuna mini sunan duk wanda ya danna zuciya, har da mai kallon ɗan hoton nan da ke ɓacewa bayan kwana guda. Ta ce waɗannan daban. Ajiya sirrin mai ita ce. Ba a aiko wa mai hoto sanarwa, ba a ba shi suna, kuma lambar ma da nake gani don shafina na kasuwanci ne, mai shafi na zaman kansa ko ita ba ya gani. Na ce wato a ɗauki kayana a kai ɗaki, a gaya mini an ɗauka, amma a ƙi gaya mini wa ya ɗauka. Ta ce ba ɗauka ba ne, hoton yana nan a wurina, shi dai ya sa masa alama ne kawai don ya same shi da sauƙi. Ban gane bambancin ba a lokacin, kuma ban so in gane ba.

Ban yarda da ita ba, sai da na je har wurin mai gyaran waya a kasuwa. Shi ma abin da ya ce ke nan. Ya ƙara da cewa in na ga wata manhaja tana alkawarin nuna mini sunayen, in guje ta, lambar sirrina suke nema su kwashe shafin. Na dawo gida na zauna da zargi, kuma zargin bai sha wahalar samun masauki ba. Akwai wata tela a tsallaken titi, wadda ta buɗe shagonta bayan nawa, mai yawan murmushi da tambayar ina na sayi zare. Na ce ita ce. Wa zai ajiye hoton almakashi in ba mai son sanin irin almakashin da nake aiki da shi ba? Mijina, wanda malamin makaranta ne, ya yi dariya har ya ƙware, ya ce almakashin da ake sayarwa a kowane tebur a kasuwa. Na ce ya tsaya a kan allonsa da allinsa, ya bar mana harkar ɗinki.

Na toshe ta, yadda ba za ta ƙara ganin shafina ba. Washegari na ɗora hoton wata 'yar rigar suna, na zauna ina jira kamar mai gadin tarko. Kafin la'asar an ajiye. Na ce ta buɗe wani shafin da sunan ƙarya. Na toshe ƙanwarta, na toshe wata mai kawo mata yadi, na toshe wata baiwar Allah da laifinta kawai ta taɓa zama a bencin shagonta. Lambar ba ta fasa fitowa ba. Matar nan kuma kullum da safe sai ta ɗago mini hannu daga tsallake, ni ma in ɗago, ina tunanin wane irin ƙarfin hali ne wannan.

Abin ya kai shekara biyu da wani abu. Wata rana cikin damina, ruwa ya hana kowa fita, na zauna a shago ni kaɗai ina duba shafin. A ranar ƙanwata ta ɗora hoton tukunyar fure da ta saya, kuma ga zuciyar Dada a kai, ga “Allah ya yi albarka”. Tukunyar roba ce fa. Na koma nawa shafin na ga aikin shekaru, kowanne da lambar ɓarayinsa a gefe, ba ko ɗaya da uwata ta taɓa. Raina ya ɓaci ƙwarai. Na ce wa nake yi wa wannan baje koli? Na bi su ɗaya bayan ɗaya na goge, har shafin ya koma fili. Na ce daga yau mai son ganin ɗinki ta zo shago, ko in tura mata ita kaɗai. Manhajar ta nuna mini cewa za ta riƙe abin da na goge na kwana talatin ko zan canza shawara. Ban canza ba, kuma kwanakin suka wuce.

Bayan nan ne ƙanwata ta fara kawo mini ƙarar Dada. Wai wayarta ta lalace, ta zubar mata da kaya. An tambaye ta wane kaya, ta ce kaya dai. Ƙanwata ta duba hotunan cikin wayar, duk suna nan. Ta duba lambobi, suna nan. Dada ta ce ba waɗannan ba. Ta sa aka saya mata sabon katin ajiya, wai ko tsohon ne ya cika ya fara zubarwa. Ta sayi data mai yawa, ko ita ce ta yi kaɗan. Har wurin mai gyaran nan ta je da kanta a keke napep, ba ta gaya wa kowa ba, ya juya wayar ya ce lafiyarta ƙalau, ya tambaye ta me ya ɓata, ta karɓi abarta ta fito. Ƙanwata ta ce tsohuwar nan ta rage cin abinci a kan waya, ita kam ta gaji, in zo in gwada tawa tunda ni ce na yi digiri a kan manhajar.

Na je ranar Juma'a bayan an sauko. Na tarar da ita a tsakar gida a kan tabarma, tana yankan kuɓewa. Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa tana kallon kuɓewar, yadda ta saba. Ƙanwata ta ɗauko wayar ta miƙo mini. Na tambayi Dada ta ina kayan suka ɓata, ba ta ba ni amsa ba, sai ta gaya wa ƙanwata cewa a cikin manhajar hotuna ne, wurin ajiya. Ina zaune a gabanta, amma ta bakin ƙanwata maganar ta biyo.

Na shiga. Ashe Dada ta fi ni tsari. Ta kasa ajiyarta folda-folda, kowace da sunanta: ta girki, ta wa'azi, ta maganin gargajiya, ta jikoki. Duk cike suke. Can ƙasa akwai wata da ba ta da suna sai ɗigo ɗaya, irin na ƙarshen jimla. Na buɗe ta, ba komai a ciki. Na ce wannan ce? Ta gyaɗa kai.

Na fara yi mata bayani da muryar masana, abin da aka yi mini a baya ban saurara ba. Na ce Dada, abin da kika ajiye a nan ba ya shiga cikin wayarki, shi ya sa sabon kati bai yi amfani ba. Yana nan a shafin mai shi, ke hanya kawai kika riƙe. Idan mai shi ya goge, ko ya rufe shafinsa ga waɗanda ba sa bin sa, ko ya toshe ki, sai ya ɓace a wurinki ma. Na ce ta gaya mini shafin waye, in duba ko yana nan. Ta ci gaba da yankan kuɓewarta. Ƙanwata ta ce to ko me ke cikin hotunan, ko za mu gane.

Dada ta ajiye wuƙar. Ta ce akwai wata riga ruwan ganye, mai ninki a kafaɗa. Akwai labule. Akwai kayan makaranta na yara, masu aljihu biyu. Tana faɗa tana kallon ƙofar gida, kamar mai karanto wa wani da ke can. Ni kuma ina riƙe da wayar, har a lokacin kaina bai gama haɗa lissafin ba. Abin da ya fara zo mini shi ne, ashe ita ma tana bin wata tela, kuma telar ta kwaikwayi rigata. Har na buɗe baki zan ce ai waccan ta tsallaken titi ce.

Sai ta ce, “Akwai na hannu. Mai tabon wuta a gindin babban yatsa.”

Na dubi hannuna. Tabon yana nan, ya yi fari-fari, tun ina 'yar shekara biyar na faɗa kan murhun kakata a Sunkani. Dada ba ta nan lokacin. Da aka kawo mata labari, an ce ba ta ce komai ba, ba ta kuma je ba, sai dai washegari wani ya iso da man shanu a ƙaramin kwano ya ce daga Jalingo. Ban taɓa sanin ta san a wane hannu yake ba.

Ƙanwata ta dube ni, na dube ta. Na ji kunya, na ji daɗi, na ji haushi, duk a lokaci guda, ban san wanda zan fara da shi ba. Abin da ya fito daga bakina shi ne mafi wauta a cikinsu. Na ce, “Dada, ai na ɗauka mai shagon tsallake ce.”

Ta juyo ta dube ni sosai, abin da ba ta cika yi ba. Ta ce, “Kamar yaya kin ɗauka? Ba a gaya miki ba?”

Na ce wa zai gaya mini. Ta ce wayar. Na ce wayar ba ta faɗa. Ta juya ga ƙanwata, ƙanwata ta ce gaskiya ne, ba ta faɗa. Dada ta ce ba haka aka gaya mata ba, kuma ta sa a leƙa katanga a kira mata maƙwabciyarta.

Maƙwabciyar tsohuwar nas ce, 'yar Mumuye, sun shekara fiye da ashirin suna miƙa wa juna gishiri ta kan katanga. Ta shigo tana goge hannu da zani. Dada ta nuna mata alamar ta ce ta maimaita abin da ta faɗa mata ranar da aka kawo wayar. Matar ta leƙa ta ce da irin Hausarta, “E, na gaya maka, Maman. Na ce kar ka taɓa wannan. In ka taɓa, mai hoto zai sani kai ne, shi kaɗai zai gani. Yarona ta ce suna yana fita.” Ƙanwata ta ce ai wancan na kallon hoton da ke ɓacewa ne, ba na ajiya ba. Matar ta ce ita dai tun daga ranar ba ta taɓa danna shi ba, don kada mutanen cocinsu su ce tana bin diddiginsu. In tana son hoto sai ta ɗauki ɗayar wayarta ta ɗauki fuskar wannan. Muka yi ta ja-in-ja, kowa yana nuna wa kowa allon waya. Maƙwabciyar ta tafi ba ta gamsu ba, tana cewa za ta sake tambayar ɗanta.

A hankali na haɗa abin da ya faru. Maƙwabciya ta yi gargaɗi, Dada kuwa ta ji abin da take nema. Zuciya a bainar jama'a take, kowa zai ga uwa tana yabon 'yar farinta, wannan ba za ta iya ba. Bin shafina ma haka, sunanta zai fito a jeri. Amma ga wata alama da aka ce mai hoto kaɗai ke gani. Wannan ya yi mata daidai da kwano a rufe, irin wanda takan aiko mini da shi Nukkai ba tare da saƙo ba. Ƙanwata ta taɓa tura mata hotona na farko, ta ajiye shi, kuma ta kansa take shiga shafina kullum, ba sai ta rubuta komai a wurin nema ba. Da manhajar ta nemi ta sa wa foldar suna, ta sa ɗigo. Ranar da na goge komai, ba hotunan kaɗai ta rasa ba, har ƙofar da take bi.

Abin da ya fi damuna shi ne ɗaya ɓangaren. Duk tsawon lokacin nan ita a saninta tana yi mini magana kullum, ni kuma ina zuwa gidan nan in gaishe ta in tafi ban taɓa nuna na ji ba. Ƙanwata ce ta gaya mini daga baya cewa Dada ta taɓa ce mata waccan akwai kunya, ta iya riƙe abu a ciki. Yaba ni take yi a kan shirun da ban san ina yi ba. Da hotunan suka ɓace kuma, kafin ta ɗora wa waya laifi, ta fara tunanin ko ni ce na gaji da ita na rufe mata. Shi ya sa ta kasa tambayata, ta yi ta zagaye har kwanakin dawo da su suka ƙare.

A ranar dai ba wanda ya faɗi ko ɗaya daga cikin wannan. Na ce mata yawancin hotunan suna cikin wayata, zan tura mata su kai tsaye, su zauna a wurinta ba mai gogewa. Ta ce a'a, ba ta aike ni ba. Ta tambayi ƙanwata ko na hannun yana ciki. Ba ya ciki. Na share shi tuntuni da wayar ta cika, don ban ga amfaninsa ba. Ta ɗauki wuƙarta ta ci gaba da yankan kuɓewa, ni kuma na zauna ina kallon foldar da ba komai, na rasa ko haƙuri zan ba ta ko godiya zan yi, tunda duka biyun za su sa ta tashi ta shige ɗaki.

Har yau ban san yadda ta ɗauki labarin ba. Wani lokaci nakan ga kamar ta ji ciwo, saƙon shekaru bai isa ba. Wani lokaci kuma nakan ga kamar abin da ya fi damunta shi ne yanzu ya isa, kuma a gaban ƙanwata da maƙwabciya. Da na tashi tafiya na yi mata sallama, har na kai zaure, sai na ji muryarta. Ba ta bi ta kan ƙanwata ba wannan karon.

“Ke. In mutum ya ajiye, me kike gani?”

Na ce, “Lamba kawai, Dada.”

“Ba suna?”

“Ba suna.”

Ta ce, “To.”

Na yi mako guda ina juya wannan “to” ɗin. Mijina ya ce izini ne. Ƙanwata ta ce sallama ce, tunda asiri ya tonu ba za ta ƙara taɓa alamar ba har abada. Na cire wa mai shagon tsallake toshewar da na yi mata, da ƙanwarta da sauran, na tsallaka na kai mata ragowar wani leshi da ba na buƙata. Ta yi ta godiya tana mamaki, ban yi mata bayani ba. A cikin hira ta ce ai ta daɗe tana neman shafina ba ta gani, ɗinkina yana burge ta, takan ajiye wasu. Na dawo shago kaina ya ƙara kullewa.

Ranar Asabar da safe na share teburin yanka, na ɗauki almakashin na riƙe, na juya hannun yadda tabon zai fuskanci haske, na ɗauka. Shi na fara ɗorawa a shafin da ya yi wata biyu a bushe, ban rubuta komai a ƙasa ba. Na roƙi ƙanwata ta tura wa Dada kamar yadda ta yi da farko, kada ta ce daga wa. Wata mai kawo mini ɗinki ta rubuta tana tambaya ko almakashi na koma sayarwa.

Na hana kaina dubawa har aka kira la'asar. Da na idar da salla na danna ƙasan hoton. Zuciya biyu, ta ƙanwata da ta mijina. A gefe, wurin guntun ƙyallen nan, lamba ɗaya.

Tana iya zama mai shagon tsallake. Tana iya zama wata da ban sani ba, da yatsanta ya zame. Manhajar ba za ta gaya mini ba, kuma a karon farko ban ji ina son ta faɗa ba. Juma'ar da ta biyo na je Turaki na durƙusa na gaishe da Dada, ta amsa tana kallon tsintar wakenta. Ban tambaye ta ba. Da na miƙa hannu zan taya ta, ta turo farantin gabana, ta ɓangaren hannun mai tabo.